Yadda ake rubuta tazarar CI da lambar p a sashen sakamako ba tare da an yi wa data ƙarya ba

Tambayar da abokan aiki likitoci da ɗalibai masu rubuta takardar bincike suka fi yawan yi mini ita ce, to ga shi na gama analisis, p ta fito 0.07, me zan rubuta? Wasu kuma nasu ya fito 0.03 suna ta murna amma ba su san yadda za su jera lambobin a jimla ba. Zan bi da ku mataki-mataki da misali guda ɗaya tak wanda na ƙirƙira don koyarwa, lissafinsa kuma kowa zai iya maimaitawa da kansa ya gani.

Ga misalin. An yi gwaji kan marasa lafiya 400 masu ciwon zuciya, an raba su ta ƙuri'a gida biyu, 200 sun sha sabon magani, 200 sun sha wanda aka saba. Babban abin da ake aunawa shi ne mutum nawa aka sake kwantarwa a asibiti cikin kwana 30 bayan sallama. A rukunin sabon magani mutum 30 suka dawo, a ɗaya rukunin 44.

1. Haɗa kayan aiki kafin ka rubuta ko kalma ɗaya

Abu huɗu kake buƙata a gabanka. Furotokol ɗinka, domin a ciki ne ka faɗi tun farko wane ne babban ma'auni kuma wane gwajin lissafi za ka yi. Sai ainihin abin da softwaya ta fitar, ba wanda ka kwafa a takarda wata uku da suka wuce ba. Sai ƙa'idojin marubuta na mujallar da za ka aika wa, saboda kowace da yadda take son a rubuta p. Na huɗu jerin abubuwan da ya kamata rahoton bincike ya ƙunsa, wato CONSORT in gwaji ne na ƙuri'a, ko STROBE in binciken sa ido ne.

Batun kuɗi, R kyauta ne, OpenEpi ma kyauta ne kuma ya isa ga tebur mai gida huɗu irin namu. SPSS da Stata sai da lasisi. CONSORT da STROBE ba a biyan komai. Abin da ya fi cin mutum a nan lokaci ne, domin takardar da mai bita ya dawo da ita saboda babu CI, wato confidence interval, tazarar da ke nuna iyakokin ƙiyasinka, tana iya jawo maka jinkirin watanni a kan abin da da ka gyara shi da yamma ɗaya.

Gargaɗi: kar ka canza babban ma'auni bayan ka ga sakamako. In furotokol ya ce dawowa asibiti cikin kwana 30, shi za ka fara ba da rahoto, ko da wani ma'aunin ne ya fi yin kyau.

2. Fara da ɗanyen adadi na kowane rukuni

Mutane da yawa suna tsallake wannan su tafi kai tsaye ga p, alhali mai karatu bai ma san mutum nawa abin ya faru da su ba. Ka fara da cewa mutum 30 cikin 200 wato kashi 15.0 cikin ɗari ne aka sake kwantarwa a rukunin sabon magani, sai 44 cikin 200 wato kashi 22.0 a rukunin tsohon magani. Kullum ka sa adadin da kuma jimillar da aka ciro shi, kar ka bar kaso shi kaɗai, don kashi 15 na mutum 20 daban yake da kashi 15 na mutum 200, kuma in wasu sun ɓace a bibiya a nan ne za a gani.

3. Faɗi girman bambancin, ta fuska biyu

Fuska ta farko ita ce ragi. 15 a cire 22 ya ba da -7, wannan shi ake rubutawa RD, ma'ana a cikin kowane mutum 100 an samu ragin mutum 7 da ke dawowa. Fuska ta biyu ita ce rabawa, 15 a raba da 22 ya ba da 0.68, wannan shi ake rubutawa RR, ma'ana haɗarin ya ragu da kusan kashi 32 cikin ɗari in an kwatanta da na tsohon magani. CONSORT na 2010 a lamba 17b ya ba da shawarar a kawo duka biyun in ma'aunin na e ko a'a ne, kuma dalilin a bayyane yake. Ragin kashi 32 yana da daɗin ji, amma daga 22 zuwa 15 ragin kusan kashi 32 ne, daga 2.2 zuwa 1.5 ma ragin kusan kashi 32 ne, sai dai na biyun mutum 7 ne cikin dubu ba cikin ɗari ba. Likitan da zai rubuta maganin yana buƙatar sanin wanne ne.

Gargaɗi: kar ka rubuta "ya ragu da kashi 7 cikin ɗari" haka kawai, don mai karatu ba zai san ragi kake nufi ko rabawa ba. Ka ce maki 7 na kaso, ko ka nuna daga 22.0 zuwa 15.0. Haka kuma in softwaya OR ta ba ka, wato odds ratio, kar ka fassara shi kamar RR. A misalinmu OR ɗin 0.63 ne, ya fi RR nisa da 1, kuma haka yake yi duk lokacin da abin da ake aunawa ba mai wuyar faruwa ba ne.

4. Fitar da tazarar CI ta bambancin

A nan ne ainihin aikin yake. A R layi ɗaya ne:

```r
prop.test(c(30, 44), c(200, 200), correct = FALSE)
```

Zai ba ka tazara daga -0.146 zuwa 0.006, da p kusan 0.071. In kana son ka tabbatar da hannu, kuskuren awo na bambancin 0.0387 ne, ka ninka da 1.96 ka samu 0.076, ka cire shi daga -0.07 sannan ka ƙara shi. Don haka bambancin -7.0 ne, tazarar kuma daga -14.6 zuwa 0.6. Ta RR kuwa daga 0.45 zuwa 1.04.

Yanzu ka duba lambar da ke nufin babu bambanci. In ragi ne lambar 0 ce, in rabawa ne kamar RR, OR ko HR lambar 1 ce. Tazararmu ta farko ta haɗa da 0, ta biyu ta haɗa da 1, shi ya sa p ta ɗan haura 0.05. Wannan ma hanya ce ta kama kuskure. In ka ga tazarar 95% ba ta taɓa 0 ba amma p ta fito 0.20, to akwai matsala, ko dai an kwafo daga layi daban ko an yi amfani da hanyoyin lissafi biyu da ba su dace da juna ba. Ɗan saɓani a bakin iyaka yana iya faruwa, amma babba ba ya faruwa.

Gargaɗi: in ka cire `correct = FALSE` ɗin nan, R zai yi gyaran Yates da kansa kuma p za ta koma wajen 0.09, tazarar ma ta ɗan ƙara faɗi. Duk hanyoyin biyu ana amfani da su, amma wadda furotokol ya ambata ita za ka bi kuma ita za ka faɗa a sashen hanyoyin bincike. Gwada duka biyu sannan a zaɓi wadda ta fi ƙaramar p ba daidai ba ne.

Akwai kuma wani kuskure da nake gani kusan kullum, shi ne mutum ya fitar da CI na kowane rukuni daban sannan ya ce ai sun shiga juna don haka babu bambanci. Bari in nuna da ma'auni na biyu a gwajin namu. A ce hawan jini na sama ya sauka da matsakaicin 12.0 mmHg a sabon magani, 8.5 a tsoho, SD 15 a kowane rukuni. Tazarar rukunin farko 9.9 zuwa 14.1 ce, ta na biyu 6.4 zuwa 10.6, kun ga sun shiga juna tsakanin 9.9 da 10.6. Amma bambancin kansa 3.5 ne, tazararsa 0.6 zuwa 6.4, ba ta taɓa 0 ba, p kuma 0.02. Tambayar bincikenka a kan bambanci take, saboda haka tazarar bambancin ita ce za ta shiga jimla.

5. Karanta bakin tazarar biyu kamar likita

Yawancin marubuta suna duba abu ɗaya ne kawai, ta taɓa 0 ko ba ta taɓa ba, shi ke nan sai su wuce. Wallahi asara ce, domin duk amfanin CI yana cikin bakunanta biyu. Ka ɗauki kowane baki ka tambayi kanka, in wannan ce gaskiya me zan yi wa mara lafiya?

Bakin farko -14.6. In haka ne, kusan mutum 15 cikin 100 za su tsira daga komawa gadon asibiti, wannan babban amfani ne da kowane likitan zuciya zai so. Ɗaya bakin 0.6, wato babu amfani ko ma ɗan ƙaramin ƙari da bai kai mutum 1 cikin 100 ba. To abin da datar ke faɗa shi ne ta dace da babban amfani, ta dace da matsakaici, ta kuma dace da rashin amfani, sai dai ba ta dace da babbar illa a kan wannan ma'aunin ba. Gwajin bai yanke hukunci ba. Wannan ya sha bamban da a ce maganin ba ya aiki.

Ka kwatanta da wani gwajin da tazararsa ta fito -1.0 zuwa 0.8. Shi ma p ɗinsa ta wuce 0.05, amma shi kam ya kore duk wani amfani mai girma, don ko mafi kyawun bakinsa mutum 1 ne cikin 100. Gwaji biyu, duka an ce musu ba su kai ba, amma saƙonsu ga asibiti ba ɗaya ba ne ko kaɗan, kuma p ita kaɗai ba za ta taɓa nuna maka wannan ba.

Gargaɗi kan kalmomi: kar ka rubuta cewa akwai yiwuwar kashi 95 cikin ɗari gaskiyar tana cikin wannan tazarar. Kashi 95 ɗin na hanyar lissafin ne, ma'ana da za a yi ta maimaita irin wannan gwajin ana fitar da tazara kowane karo, kusan 95 cikin 100 na tazarorin za su kama ainihin bambancin. Kuma ba tana nufin kashi 95 na marasa lafiya sun faɗa ciki ba. Lafazin da ya fi aminci shi ne, datar ta dace da bambanci daga kaza zuwa kaza. Ka kuma tuna CI kuskuren sa'a kawai take aunawa, in an yi son kai wajen zaɓen mutane ko rabin su sun ɓace a bibiya tazarar ba ta san da wannan ba, za ta fito siririya abinta alhali tana wurin da ba daidai ba.

6. Sai yanzu p, a ƙarshen jimla

Abin da 0.07 ke nufi shi ne, da a ce magungunan biyu ba su da wani bambanci ko kaɗan, kuma duk sharuɗɗan gwajin lissafin sun cika, to kusan sau 7 cikin 100 za a ga bambanci mai girman wanda muka gani ko fiye. Iyakarta ke nan. Ba ta ce yiwuwar maganin ba ya aiki kashi 7 ne ba, ba ta ce yiwuwar sa'a ce ta kawo sakamakon kashi 7 ne ba, kuma ba ta auna girman amfani ba. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka, ASA, ta fitar da sanarwa a 2016 a kan daidai waɗannan kurakuran.

In kana son ka ga yadda p ke bin yawan mutane, ka ninka gwajin namu sau huɗu, 800 a kowane rukuni, kaso bai canza ba, 15 da 22. Bambancin yana nan -7.0, amma tazarar ta tsuke zuwa -10.8 da -3.2, p kuma ta faɗi ƙasa da 0.001. Maganin bai ƙara ƙarfi ba, awon ne ya ƙara kyau.

Wajen rubutawa, ka sa ainihin lambar, `p=0.07`, kar ka sa `p>0.05` ko `NS`. Lamba biyu bayan ɗigo sun isa in ta wuce 0.01, uku in tana ƙasa da haka, in kuma ta yi ƙanƙanta sosai ka rubuta `p<0.001`. Wasu mujallu suna son babban P, wasu ba sa son sifilin gaban ɗigo, wannan ka duba ƙa'idarsu.

Gargaɗi: SPSS, musamman tsofaffin fitowarsa, yana nuna `.000` a ƙarƙashin `Sig.` kuma mutane suna kwafa haka nan. p ba ta zama sifili, an yanke lambar ne kawai, ka mayar da ita `p<0.001`. Haka in p ta fito 0.049 ko 0.051 ka bar lambobi ukun, kar ka dunƙule ta koma 0.05 mai karatu ya rasa gefen da take, duk da cewa a gaskiya 0.049 da 0.051 kusan hujja ɗaya suke bayarwa.

7. Haɗa jimlar

Tsarin shi ne adadi, girman bambanci, tazara, sannan p. A takarda lambobin za su fito kamar haka:

```
30/200 (15.0%) vs 44/200 (22.0%)
RD -7.0 (95% CI -14.6 to 0.6)
RR 0.68 (95% CI 0.45 to 1.04); p=0.07
```

Ka lura na raba bakunan da `to` ba da ƙaramin layi ba, domin in akwai lamba mai alamar ragi layin yana rikita ido, mutum bai san ko alamar ragi ce ko ta tsakani ba. Ka kuma faɗi wa aka cire daga wa, sabo a cire tsoho ne ko akasin haka, in ba haka ba -7.0 ba ta da ma'ana. Yawan lambobin bayan ɗigo ya zama iri ɗaya a ƙiyasin da bakunansa, kar ka sa 0.68 sannan tazara 0.4477 zuwa 1.0384, gwajin mutum 400 bai kai wannan daidaiton ba.

Jimlar da za ta raka lambobin kuma ta tsaya a kan abin da aka gani: an sake kwantar da mutum 30 cikin 200 a rukunin sabon magani da 44 cikin 200 a rukunin tsoho, bambancin maki -7.0, tazarar ta haɗa da sifili. Bayanin me hakan ke nufi ga asibiti, wanda muka yi a mataki na 5, wurinsa sashen tattaunawa ne, amma dole ka yi shi a kanka tun yanzu don shi zai hana ka zaɓar kalmar da ba ta dace ba.

Gargaɗi: abu biyu kar su fito. Na farko "babu bambanci tsakanin magungunan", don 15 da 22 ba ɗaya ba ne kuma tazarar ta kai har -14.6. In kana son ka ce magunguna biyu daidai suke, sai an tsara gwajin don haka tun farko da iyakar da aka amince da ita a furotokol. Na biyu `trend toward significance` da 'yan uwansa, wannan ƙoƙari ne na shigo da nasara ta taga, kuma p ba ta tafiya ko'ina balle a ce ta kusa isa. Ita ma kalmar `significant` ka kiyaye ta, in lissafi kake nufi ka ce na lissafi ne, don likita mai sauri zai karanta ta a matsayin mai muhimmanci ga mara lafiya.

8. Ma'aunai na biyu da ƙananan rukunai

Mu koma kan hawan jinin nan mai p 0.02. Jarabar ita ce a ɗauko shi a kai shi taƙaitaccen bayanin takarda a tura babban ma'auni baya. Kar ka yi. In ka gwada ma'aunai 20 da ba su da alaƙa da juna kuma babu wani bambanci na gaskiya a ko ɗaya, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito ƙasa da 0.05 kusan kashi 64 cikin ɗari ne, lissafin shi ne `1 - 0.95^20`. Don haka ka faɗi ma'aunai nawa ka gwada duka, ka faɗi ko ka yi gyara irin na Bonferroni ko Holm. Mujallar NEJM tun 2019 ta ce in ba a tsara irin wannan gyaran ba a kawo ƙiyasi da tazara kawai ga ma'aunai na biyu ba tare da p ba, a kuma bayyana cewa ba a gyara faɗin tazarar don yawan gwaje-gwaje ba. Ko ba can za ka aika ba tsarin yana da kyau.

Ƙananan rukunai ma haka. In p ta fito 0.03 a maza, 0.40 a mata, wannan bai nuna maganin yana aiki a maza kaɗai ba, wataƙila matan ne ba su da yawa sai tazararsu ta yi faɗi. Abin da za ka kawo shi ne ƙiyasi da tazarar kowane rukuni, da p ta gwajin da ke kwatanta tasirin a rukunan biyu kai tsaye, wadda ake rubutawa `p for interaction`.

Gargaɗi: a tebur na farko, mai nuna shekaru da jinsi da sauransu kafin fara magani, kar ka sa p in gwajin na ƙuri'a ne. Ƙuri'a ce ta raba su, duk bambancin da ya fito dama na sa'a ne, babu abin da za a gwada.

9. Bita ta ƙarshe kafin ka aika

Ka buɗe abin da softwaya ta fitar a gefe ɗaya, takardar a ɗaya gefen, ka bi lamba-lamba a wuri uku, taƙaitaccen bayani, cikin rubutu, da tebur. Sau da yawa an sake analisis an gyara tebur an manta taƙaitaccen bayanin. Ka duba kowane ƙiyasi yana cikin tazararsa. Na ragi irin namu yana zama daidai tsakiya, -7.0 tana tsakiyar -14.6 da 0.6, amma na rabawa ba ya zama a tsakiya saboda a ma'aunin log ake lissafa shi, don haka kar ka tsorata in 0.68 ta fi kusa da 0.45 a kan 1.04. Hanyar gwada shi ita ce ka ninka bakunan biyu ka ɗauki tushen murabba'i, 0.45 sau 1.04 ya ba da 0.468, tushensa 0.68, ya dawo daidai. In naka bai dawo kusa da ƙiyasin ba, ka koma ka duba ko ka kwafo baki ɗaya daga layin wani ma'aunin.